Bulo 200 a katangar mita 30: wa ya taɓa ganin irin wannan?

Magini daga Zariya: Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai yaron da ke koyon aiki a hannuna, mai ƙwazo ne ƙwarai. Injiniya ya rubuto mana a takarda cewa tsawon katanga 30, a ɗora layi 10. Na ce yaron ya lissafa bulo ya kira gidan bulo. Ya san bulo ɗaya inci 18 ne, wato ƙafa ɗaya da rabi, sai ya raba 30 da 1.5 ya samu 20 a kowane layi, ya sa aka kawo 200. Ashe mita injiniya yake nufi. Mita 30 kusan ƙafa 98 ce, kowane layi zai ci bulo 66, layi goma 660. Muna gama layi na uku bulo ya ƙare, ga leburori a tsaye, ga kwaɓin siminti yana bushewa a ƙasa. Tun daga ranar ba ya kiran gidan bulo sai ya ja tef a fili da hannunsa, ya rubuta "mita" ko "ƙafa" a gefen kowace lamba. Wa ya taɓa gani?

Ɗan kwangila, Kano: Wa alaikumus salam. Tef ɗin kansa fuska biyu gare shi, inci a gefe ɗaya, santimita a ɗayan. Nawa yaron tsawo ya karanta a wannan gefe, tsayi a wancan. Ni abin da nake koya musu, mita ɗaya a tsaye da ɗaya a kwance tana cin bulo 10. Da yaronka ya gwada da wannan, da ya ga 200 ko rabi ba su kai ba.

Mai gini a Funtuwa: Ai sai an fara sanin bulon mai inci tara ne ko mai inci shida, lissafinsu daban.

Ɗan kwangila, Kano: A'a Malam, kauri ne ya bambanta su. Fuskarsu ɗaya, inci 18 da inci 9, yawansu a bango ɗaya ne.

Baƙo: Don Allah buhun siminti ɗaya bulo nawa yake bugawa? Nawa suna ta farfashewa.

Magini daga Maraɗi: Mu nan da mita muke aiki, amma bulonmu santimita 40 da 20 ne, mita ɗaya a tsaye da ɗaya a kwance tana cin 12 da rabi. Wani abokin aikina da ya koyo aiki a Katsina ya lissafa mana da 10, sai da aka sake ɗauko mota.

Magini daga Zariya: Alhaji, ni fa goman nan taka ban gamsu da ita ba. In ka sa kaurin kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo, bai kai tara ba.

Ɗan kwangila, Kano: Haka ne Malam, amma rarar nan ita ke cike gurbin waɗanda suka fashe wajen saukewa da waɗanda za a yanka a kusurwa. Kai nawa kake ƙarawa a kan 660 ɗin?