Wakilta aiki da rarraba iko: abin da ya fito daga muhawarar

Muhawarar ta taso ne daga hirar ɗalibai biyu. Tambayar wani gwaji ta ce manaja ya ba mataimakinsa izinin sa hannu a takardun hutu har ya dawo daga tafiya, wannan mene ne? Ɗaya ya amsa rarraba iko, aka soke amsar, abokinsa kuwa ya ce wakilta aiki ne.

1. Kusan duk masu muhawarar sun bi abokin nasa: wakilta aiki ne. Abin tsakanin mutum biyu ne, shugaba da na ƙasa da shi, kuma ranar da manaja ya dawo zai iya karɓe izininsa.

2. Alhaki bai bar wuyan manaja ba. In mataimaki ya ba ma'aikata biyar hutu rana ɗaya aiki ya tsaya, manaja za a tuhuma daga sama.

3. Rarraba iko kuwa tsarin kamfani ne gaba ɗaya, kamar a rubuta cewa kowane reshe zai ɗauki ma'aikatansa, ko wa ke kan kujera.

4. An rabu kan ko wakilci in ya yawaita yakan zama rarraba iko. Wasu sun ce haka ne, wasu sun ce sai ya shiga tsari ya dore. Na fi karkata ga na biyun.