Gyaran hannu, haƙora da taron jama'a a hotunan Stable Diffusion

Yawancin waɗanda suka tattauna matsalar lalacewar hannu a hotunan Stable Diffusion, manhajar da ke zana hoto daga rubutu, sun yarda cewa cika negative prompt, wato jerin abubuwan da ba a so su fito a hoton, da "extra fingers" ba ya tsinana komai. Gara a ba hannun aikin yi, a rubuta "hand holding a cup" a prompt, wato bayanin hoton da ake so. Idan yatsu sun fito shida, a shafe hannun har wuyan hannu da inpainting, wato sake zana wurin da aka shafe kawai, a zaɓi "Only masked" don wurin ya fito tar-tar, a kwatanta hannun kaɗai a prompt. Denoising strength, wato ma'aunin yawan canjin da za a yi wa wurin, na 0.4 zuwa 0.6 ya wadatar. In ya haura 0.8, sai hannun ya fito kamar na aro.

Haƙora kuwa, "closed-mouth smile" ya kashe magana. Fuskokin taro ƙanana ne, shi ya sa suke narkewa. A gyara na gaba ɗaya bayan ɗaya, na baya a bar su dishi-dishi.