Wane suna za mu ba rubutun fim ɗin da ake raba shafinsa gida biyu?

Zulai Mai Sharhi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koya wa wasu matasa rubuta finafinan horarwa, irin waɗanda ake nuna wa ma'aikatan lafiya da manoma, kuma ina son sunan Hausa ga tsarin da muke aiki da shi. Ana raba shafi gida biyu daga sama har ƙasa. Hagu abin da ido zai gani, dama abin da kunne zai ji: muryar mai sharhi, kiɗa, ƙarar wuri. Kowace ɗauka da sahunta, hoton yana daura da maganarsa. Yaran suna ce masa sikirif kawai, to amma sikirif ɗin fim ɗin labari daban yake, kuma ruɗanin yana ɓata mana aiki. Ni na fara cewa "rubutu mai layi biyu". Me kuka gani?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Anti. Ai mun daɗe muna yin sa. Turanci a gefe ɗaya, Hausa a ɗaya gefen, mu miƙa wa mai fassara. Ki ce masa takardar fassara.

Zulai Mai Sharhi: Ƙanena, ba shi ba ne. Naka harshe biyu ne, nawa hoto da sauti ne, ko da harshe ɗaya ake yi.

Malam Habu Edita: Hajiya, "layi biyu" ba zai yi ba, don duk wanda ya ji zai zaci jimla biyu ne a kwance. Kafin suna, bari in nuna aikin da tsarin yake yi, sunan sai ya fito daga nan. Ɗauki fim ɗin koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa: lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi.

Sahu na 4. Hagu: daga kusa, hannun uwa yana ɗebo sukari, ta shafe bakin cokalin, ta zuba. Dama: "A shafe ake so, ba tsororo ba."

Sahu na 5. Hagu: tana ci gaba da zubawa har cokali na 6, lambar kowane cokali tana fitowa a ƙasan allo. Dama: "Cokali shida." Sai shiru, ƙarar cokali kawai.

Duba sahu na 5 da kyau. Maganar ba ta kai sakan 2 ba, amma zuba sauran cokali 5 a natse zai ci sakan 15 ko fiye. A wannan tsarin tun kan takarda za ka ga gidan dama ya kusa zama fayau, sai ka yanke shawara: a bar shirun, ko a sa mai sharhi ya ƙirga tare da ita. A rubutun fim ɗin labari komai a jere yake, bayanin wuri a sama, magana a ƙasa, ba za ka ga wannan giɓin ba sai an zo tebur ɗin tacewa. Lokacin mai kyamara ya riga ya ɗauki cokali 2 ya tsaya, don ba wanda ya gaya masa ana son duka 6. Na taɓa karɓar irin wannan aikin daga wani ofishi, dole aka koma ƙauyen aka sake ɗauka.

Haka kuma akasinsa. In ka ga gidan dama ya cika ya tumbatsa, na hagu kuwa jimla ɗaya ce, ka san mai kallo zai zauna yana kallon hoto ɗaya ana ta yi masa lacca. Ko dai a rage maganar, ko a ƙaro ɗauka. Saboda haka ni ina ba da "rubutun gani da ji". Gani a farko don shi ne a hagu.

Ɗan Fagge: To na gane yanzu. Amma Malam, ai a bakin mutane "ji da gani" ya fi zama.

Malam Habu Edita: Gaskiyarka. Na juya shi da gangan ne don ɗalibi ya tuna wanne ke hagu. In bai zauna a baki ba, ba zan yi gardama ba.

Sani Birged: Ni a Kannywood na koyi aiki, kuma ban ga abin da ya hana a yi komai da tsarin da muka sani ba. Shafi 1 minti 1, kowa ya san tsawon fim ɗinsa. Wannan ma ai haka ne, ka ƙirga shafi ka gama.

Malam Habu Edita: Malam Sani, rabin maganarka daidai ne. Wancan ƙiyasin ya samo asali ne daga rubutu da salon haruffan Courier mai girman 12 da tazarar da aka ƙayyade, kuma ko a can ƙiyasi ne. A mai gida biyu ba ya aiki sam, don faɗin gidajen ya danganta da yadda kowa ya ja teburinsa. Mu agogo muke riƙewa: a karanta gidan dama da ƙarfi, da saurin da mai sharhi zai yi, a rubuta sakan ɗin kowane sahu a gefe. Inda hoton ya fi maganar tsawo, tsawon hoton ake rubutawa.

Inda kake da gaskiya shi ne wasan kwaikwayo. Mutum biyu suna musayar magana a falo, hoton da muryar daga wuri ɗaya suke fitowa, raba su ɓata lokaci ne. Gidan hagu zai cika da "har yanzu suna zaune", ɗan wasa kuma ya sha wahalar nemo maganarsa a siririn gida. Mai gida biyu yana cin nasara ne inda murya take tafiya daban, hoto daban, kuma dole su haɗu a daidai wani sakan.

Maman Ilham: Tawa matsalar daban ce. Ina shirya fim ɗin tarihi a kan marinar Ƙofar Mata. Ta yaya zan cike gidan dama alhali ban san abin da marinan za su faɗa ba?

Zulai Mai Sharhi: Yaya, sau biyu ake rubuta irin naki. Kafin ɗauka, a dama ki sa tambayar da abin da kike fatan ji, a hagu hotunan da za su rufe maganar: baba a cikin rijiya, hannu yana tsoma zane, shanya, masu bugu. Bayan ɗauka sai ki saurari hirar, ki kwafo ainihin kalmominsu tare da lokacin da suka fara da inda suka ƙare a faifan, misali 00:12:40 zuwa 00:13:05. Wannan na biyun shi edita yake bi. In a Word kike yi, ki ja tebur, kada ki taɓa Columns, don shi rubutu yake kwararowa daga gida zuwa gida, da kin ƙara kalma hoto ya rabu da maganarsa. Ki kuma cire alamar Allow row to break across pages, sannan ki tura wa mutane PDF, saboda a waya tebur yakan hargitse.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Tunda tebur ne, me zai hana a ce "jadawalin gani da ji"?

Sani Birged: A'a Hajiya, a wurin ɗauka jadawali na ranaku ne, wa zai zo yaushe. Za a rikice. Ni dai "mai gida biyu" ya fi min sauƙi, ga shi tun ɗazu da shi kuke ta kiransa ba ku lura ba.

Zulai Mai Sharhi: Haka ne kuwa. Sai dai wasu suna ƙara gida na uku na lambar ɗauka, da na huɗu na lokaci, a nan sunan zai yi ƙarya. A takardar darasi zan rubuta "rubutun gani da ji", in ji wanda yaran za su riƙe. Saura sunan ɗayan tsarin: "rubutun jere" ko "rubutun labari"? Malam Sani, wannan fagenku ne.