Abin da na tsinta kan riƙe malamai in ba ƙarin albashi

Jiya mun zauna da masu makarantun kuɗi kan malaman da suke guduwa saboda ba halin ƙarin albashi, to shawarar da ta fi shiga raina ita ce ta wata Hajiya mai firamare. Ta ce yabon jam'i baya aiki, wai "sannunku da ƙoƙari" a taron malamai ba wanda yake jin da shi ake. Ita sai ta kira sunan malama gaban iyayen yara ta ce, ɗalibai 12 ne a ajinta basa iya haɗa baƙi farkon zango, yanzu saura 3.

Wani malam ya ce a kula, in kullum mutum ɗaya ake yabo sauran zasu ce ɗan gaban goshi ne, kuma alamar ita ce zaka ga sun daina magana a mitin.

Batun cigaba kuwa, mai NCE da yake son digiri a sauƙaƙa masa jadawali ya samu zuwa karatu, ko a biya masa rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Amma wallahi kar a bashi muƙami a ninka masa aiki ba a rage masa darasi ko ɗaya ba.