Neman kalmar Hausa: haruffan da ke mannewa idan an kwafo jeri daga PDF

Malama Binta: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa ɗalibaina bayanin yadda ake gyara jerin da aka kwafo daga PDF, sai wata kalma ta tsayar da ni. Karyewar layi da karan ɗori duk muna da sunansu. Abin da ya rage shi ne `ligature`, wato inda f da i ke zama alama guda, ﬁ. A jerin da ke gabana akwai "laﬁya" da "littaﬁ", ido na ganinsu daidai, amma in ka nemi "lafiya" sai kwamfuta ta ce babu. Me za mu kira wannan alamar?

Auwal: Wa'alaikumus salam, Malama. Ai tagwayen haruffa ne, biyu ne a haɗe.

Baba Mai Ɗab'i: Auwal, ka kusa, amma wannan sunan yana da mai shi. A nahawu muna da tagwan baƙi irin sh da ts, da tagwan wasali irin ai da au. Waɗannan haruffa biyu ne masu ba da sauti ɗaya, kuma kwamfuta tana ƙirga su biyu. Namu kuwa akasin haka ne: sauti biyu, alama ɗaya. Sa alamar rubutu a gaban ﬁ ki goge sau ɗaya, Malama, za ki ga f da i sun tafi tare. Lambarsa `U+FB01`, ta ﬂ kuma `U+FB02`. Masu tsara haruffa sun haɗa su ne don kan f yana karo da ɗigon i. Ni "mannannen harafi" nake cewa, jam'i "mannannun haruffa". Wanda ya san lam'alif a ajami zai gane nan take.

Zainab: Baba, ni ma na gamu da shi, ƙ da ɗ ɗina duk suka koma akwatuna. Mannannun ne su ma?

Baba Mai Ɗab'i: A'a, 'yata. Ƙ harafi ɗaya ne tun asali. Ko dai salon rubutun da kika zaɓa ba shi da masu lanƙwasa, ko kuma PDF ɗin da tsohon salo aka buga shi. Canza salon ki gani. In akwatunan ba su tafi ba, daga fayil ɗin ne. Mannanne kuwa a Python, bayan `import unicodedata`, layi ɗaya ke raba shi:

```
rubutu = unicodedata.normalize("NFKC", rubutu)
```

Ba ya taɓa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, amma yana mayar da ² zuwa 2. In akwai ma'auni a jerin, gara ki musanya ﬁ da fi kai tsaye. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne PDF ɗin da bai ajiye bayanin alamar ba, sai ta ɓace gaba ɗaya wurin kwafa. "Lafiya" ta koma "laya", "tafiya" ta koma "taya". Kalmomi ne na gaske, babu abin da zai ja musu jan layi, sai an gwada da asali.

Auwal: Na yarda. To karan ɗorin ƙarshen layi mai sauƙi ne, a nemi `-\r?\n` a goge duka.

Malama Binta: Kada ka yi haka da rubutun Hausa, Auwal. Ga abu na 12 a jerina:

```
12. Gyare-
gyaren makaran-
tu daban-daban
```

In ka goge duka, "makarantu" ta gyaru, amma ka samu "Gyaregyaren". Karan farko na kalmar ne, na biyu na mai ɗab'i ne, kuma a ido ba su da bambanci. Ɗaya bayan ɗaya nake binsu: in rabin farko ya maimaitu a layi na gaba, sai in bar karan in cire karyewar kawai. Sai na gama da su nake haɗa layuka, in ba haka ba sarari ya shiga bayan karan. A manhajar Notepad++, da zaɓin `Regular expression`, ina neman `\r?\n(?!\d+\.)` in musanya da sarari, don kada layin da ya fara da lamba ya haɗe da na samansa. Daga nan in duba ko lambar ƙarshe ta yi daidai da yawan layukan.

Zainab: Malama, ni "mannanne" yana yi mini nauyi a baki. Me ya hana "haɗaɗɗen harafi"?

Baba Mai Ɗab'i: Matasa in sun ce abu haɗaɗɗe ne, kyau suke nufi. Kuma kowace kalma ai haɗin haruffa ce. Mannewa ita ke nuna an liƙa su har ba sa rabuwa.

Malama Binta: Zan sa "mannannen harafi" a takardar ɗalibai, in ji yadda zai zauna a bakinsu. Saura karan nan biyu: na kalma da na ƙarshen layi, kowanne yana buƙatar sunansa. Baba, a wurin ɗab'i me kuke ce wa na biyun?