Yadda zan mai da babin kwadiratik tsanin tambayoyi

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Shekarata ta biyu ke nan ina koyar da lissafi a sakandare. Mun gama babin kwadiratik, yara suna bin misalan allo lafiya lau, amma da na ba su tambayar jarrabawa irin ta mota da gudu, kusan duk ajin ya kafe. Ina so in sake gina babin a matsayin tsanin tambayoyi da aka warware, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, da bayanin kurakurai a gefe. Ta ina zan fara, kuma matakai nawa?

Wani tsohon malamin lissafi: Wa alaikumus salam Malama. Fara daga sama. Ɗauko tambayar da ta kayar da su ki warware ta da hannunki, ki rubuta duk abin da hannun ya yi, ko da ƙarami ne. Bari in sa tawa tunda ba ki kawo taki ba. Mota ta yi tafiyar kilomita 120. Da ta ƙara kilomita 10 a kan gudunta na kowace awa, da ta rage awa ɗaya a hanya. Nawa ne gudunta?

Idan gudun x ne, sai a rubuta 120/x − 120/(x + 10) = 1. A ninka ko'ina da x(x + 10), a samu 1200 = x² + 10x. A kwaso komai gefe guda, x² + 10x − 1200 = 0, wato (x + 40)(x − 30) = 0. A jefar da −40 domin mota ba ta gudu ƙasa da sifili, amsa 30. Gwaji: awa 4 a gudun 30, awa 3 a gudun 40.

Yanzu ƙirga abin da yaro ya yi a nan. Ya mai da magana lissafi, ya kawar da x daga ƙasan layi, ya mai da gefe ɗaya sifili, ya raba zuwa baka biyu masu alamomi daban, ya zaɓi amsar da ta dace da labarin. Abu biyar ke nan, kuma ina kyautata zaton na huɗun kaɗai kika fi yi musu a allo. Kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin yana bukatar matakinsa, kuma sharaɗina guda ne: daga mataki zuwa na gaba abu ɗaya tak zai canza.

Ni daga (x − 2)(x − 5) = 0 nake farawa, an riga an raba. Wasu malamai suna ganin wannan ɓata lokaci ne, amma a nan ake dasa tushen babin duka: idan ka ninka abu biyu ka samu sifili, dole ɗayansu sifili ne. Sai x² − 7x + 10 = 0, wadda ita ce ta farkon aka buɗe, don yaro ya gane amsar idan ya iso ta. Sai x² − 3x − 10 = 0, inda alamar lambar ƙarshe ta juya, amsa 5 da −2.

Mataki na huɗu shi ne wanda nake so ki daɗe a kansa: x(x − 3) = 10. Za ki ga yara da yawa sun rubuta x = 10 ko x = 13. Kada ki ɗauka wauta ce. Dokar matakin farko suka ɗauko suka kai ta inda ba sifili. Sa su mayar da 10 cikin tambayar, su ga 10 × 7 ya ba da 70. Da sun buɗe bakar sun kwaso 10 hagu, sai su tarar da tambayar mataki na uku ce ta sake kaya. Yaron da ya wuce wannan ba zai tsaya a 1200 = x² + 10x yana kallon takarda ba.

Daga nan sai labari mai sauƙi, fili da tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 3, girmansa murabba'in mita 40, x(x + 3) = 40, a ɗauki 5 a bar −8. Sai x a ƙasan layi ba tare da labari ba, 12/x − 12/(x + 1) = 1, wadda take komawa x² + x − 12 = 0. Ta motar ce ta bakwai, kuma idan sun iso ta babu wani sabon abu a ciki sai haɗawa.

Wata malama: Na yarda da Malam, sai dai ya tsallake guda biyu da kullum suke cinye wa yarana maki. Ta farko x² = 5x. Sai su raba gefe biyu da x su rubuta x = 5, amsar sifili ta ɓace, kuma gwaji ba ya kama wannan domin 5 ɗin daidai ce. Ta biyu inda akwai lamba gaban x², kamar 2x² − 7x + 3 = 0. Suna neman lambobin da ninkinsu 3 ne maimakon 6. Ko sun samo (2x − 1)(x − 3), sai wani ya ce x = 1 maimakon 1/2.

Game da bayanin kuskure kuma, Malama, kada ki rubuta "a kula da alama". Na yi shekara ina rubuta haka, ba wanda ya amfana. Rubuta layin kuskuren kansa yadda yaro ya yi shi, ki ja masa layi, a ƙasa ki sa tunanin da ya haifar da shi, sai yadda mutum zai kama kansa. Kuma daga takardun ajinki za ki tsinto su. Jera takardun gwajin da suka faɗi, ki ware su tuli-tuli bisa layin farko da aiki ya karkace. Tulin da ya fi tsayi shi zai gaya miki inda tsaninki yake bukatar ƙarin mataki.

Wani uba: Malamai don Allah ni ma ku taimaka. Ɗana yana ajin ƙarshe, na tara masa tambayoyin jarrabawa na shekarun baya, kullum yana yin ashirin da dare, amma makinsa bai motsa ba. Ko in ƙara masa yawansu ne?

Tsohon malamin: Kada ka ƙara, Alhaji. Tambayoyin shekarun baya duk saman tsani ne. Zauna kusa da shi ya yi guda ɗaya, ka ga layin da alƙalami ya tsaya, ka kai wa malaminsa wannan layin.

Wani ɗalibin jami'a: Ni a ganina duk wannan dogon zagaye ne. A koya musu fomula tun ranar farko, x = (−b ± √(b² − 4ac))/2a, tana warware kowace iri. In sun gama su haɗa amsoshin biyu, in ya ba da −b/a to aiki ya yi. Haka na ci tawa jarrabawar.

Tsohon malamin: Fomula tana da matakinta, ɗana, ban ce a bar ta ba. Amma ba ta san x(x − 3) = 10 ba sai an gyara mata ita, kuma ba za ta rubuta maka lissafin motar ba. Gwajin naka ma rabi ne. Ɗauki 2x² − 5x − 4 = 0, a ba da amsa da lamba biyu bayan ɗigo. A ƙarƙashin √ akwai 25 + 32 = 57, amsoshi 3.14 da −0.64. Yaro ya danna −5² a kalkuleta ba baka, ta ba shi −25, ya samu 7 a maimakon 57, amsoshinsa 1.91 da 0.59. Haɗa su ka gani: 2.5, daidai da −b/a. Dole haka ta faru, domin abin da ke cikin √ yana soke kansa idan an haɗa, ko daidai ne ko kuskure. Ninkawa ce take tona asiri. Ya kamata ninkinsu ya zama c/a, wato −2, shi kuwa nasa duka biyun sama da sifili suke.

A wannan tambayar akwai kuskure biyu da Malama za ta sa a gefe. Wani zai rubuta 25 − 32 ya samu −7, ya ce tambayar ba ta da amsa. Wani kuma zai taƙaita √57 zuwa 7.5 tun da wuri, ya ƙare da 3.13 da −0.63, ya rasa makin amsa bayan ya yi komai daidai. A riƙe 7.5498 har layin ƙarshe.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na duba takardun yanzu, tulin da ya fi yawa su ne waɗanda suka juya ragin, suka sa lokacin gudu mai sauri a gaba. Amma in duk matakan warwararru ne, ba karantawa kawai za su yi su ce sun gane ba?

Wata malama: Wannan juyin yana da alamar da za ki koya musu. A tambayar Malam zai ba da x² + 10x + 1200 = 0, cikin √ ya zama 100 − 4800. Duk lokacin da labarin gaske ya haifar da haka, a koma layin farko a tambayi kai wace tafiya ce ta fi daɗewa.

Batun karantawa kuwa, kowane mataki ina ba shi tambaya uku. Ta farko na warware ta duka, ta biyu na fara na bar layi biyu na ƙarshe, ta uku babu komai sai tambayar. John Sweller da Graham Cooper sun nuna a 1985, da aljebra ma suka yi gwajin, cewa masu fara koyo sun fi saurin kamawa idan aka haɗa misali warwararre da tagwayensa da za su yi da kansu. Amma amfanin yana raguwa idan yaro ya ƙware, shi ya sa nake janye taimakon.

Wani malami: Ni inda nake da ja shi ne jerin kansa. Yaron da ya san yana mataki na shida ya san dabarar da ake so tun bai karanta tambayar ba, jarrabawa kuwa ba ta gaya masa. Na taɓa gina irin wannan, ajin ya haye shi tsaf, bayan mako uku na cakuɗa tambayoyin sai suka dinga sa fomula a kan x² = 5x. Yanzu ina ba da shafi na biyu a hargitse, ba lambar mataki. Sannan ba wanda ya ce komai a kan cike murabba'i, hanyar da al-Khawarizmi ya bayyana a Bagadaza tun ƙarni na 9, wadda daga cikinta fomular ta fito. Ni kafin fomula nake sa ta.

Tsohon malamin: Shafin hargitse na karɓa. Cike murabba'i kuwa ni bayan fomula nake kawo shi, da tsaninsa daban wanda zai fara da (x + 3)² = 16, domin rabin b da lambobin ƙasan layi suna karya gwiwar masu rauni tun ba su ɗanɗani nasara ba.

Wani malami: To ai sai su haddace fomular ba su san daga ina ta zo ba, Malam.

Mai tambaya: Zan sa x² = 5x bayan mataki na uku, in raba na motar gida biyu: ranar farko rubuta lissafin kawai ba warwarewa. Cike murabba'in dai ban yanke ba tukuna, darasi huɗu suka rage mini a kan babin.