Hoton jadawali mai layi: me za a iya cewa idan ma'aunin bai fito ba?

Wanda ya kawo tambayar hoton jadawali ne a hannunsa, an ɗauke shi a karkace. A layin tsaye lambobi biyu kaɗai ke karantuwa, 20 da 60, sauran sun dushe. Ga abin da masu ba da shawara suka fi tsayawa a kai.

Da farko a auna da rula. Idan tazarar 20 zuwa 60 santimita 8 ce, kowace santimita na wakiltar 5, don haka ɗigon da ke santimita 3 sama da 20 zai kama kusan 35. Amma wata ta ja kunne cewa lissafin nan yana tsayawa ne kawai idan ma'aunin na tafiya daidai wa daida. Akwai na logaridim, inda 10, 100 da 1000 ke da tazara iri ɗaya, kuma lambobi biyu ba su isa su bambance shi da na daidai wa daida ba, sai an samu ta uku. Ga kuma karkatar kyamara, wadda ke ƙanƙantar da ɓangaren da ya yi nisa. Idan layukan kwance suna ƙara matsewa can sama, mai yiwuwa hoton ne ya jawo, ba ma'aunin ba.

An fi daɗewa kan batun sifili, kuma a ganina nan ne aka fi ruɗuwa. Ɗigo ya ninka wani a tsayi ba ya nufin adadinsa ya ninka, tunda layin tsaye na iya farawa daga 15.

Abin da ba a yi gardama a kansa ba shi ne inda layin ya hau, inda ya sauka, da inda ya kai ƙololuwa. Sauran kuwa a rubuta "kusan 35", a faɗi yadda aka auna.